Jarumin da Ba Shi da Jiya

Marubutanmu na fim sun iya raɗa suna, amma sun ƙi rubuta tarihi. Za ka ga jarumi ya fara fim yana marowaci, bayan minti arba'in yana rabon kuɗi, babu abin da ya same shi a tsakani sai mantuwar marubuci. Mu da ke Garwa muna kallon finafinan Kano, kuma masu tasowa a cikinmu sun fara kwaikwayon wannan sakaci.

Tun 1946 Lajos Egri ya kasa halittar jarumi gida uku: jikinsa, matsayinsa cikin jama'a, da abin da ke ransa. Amma cika takarda da tsawonsa da abincin da yake so wahalar banza ce. Ni a ganina, duk layin da ka rubuta a tarihin jarumi dole ya haramta maka wata fitowa, in ba haka ba ka goge shi.

Bari mu ƙirƙiro ɗan kasuwa mu kira shi Alhaji Bappa, haifaffen Garwa a 1970. Yana da shekara 12 Ahmadu Ahijo ya sauka daga mulki a 1982, don haka ya tashi yana jin manya na cewa zamanin garin ya wuce. Yana da 24 aka karya darajar sefa a Janairun 1994, ta koma rabi, alhali ya ci bashin kayan waje. Jarinsa ya narke, surukinsa ne ya biya masa. Daga nan ya daina yarda da kuɗin takarda, duk ribar da ya samu sai ya zuba ta a shanu.

To duba abin da wannan ya ɗaure. Bappa ba zai miƙa wa baƙon dillali miliyan biyar a shafi na 60 ba. Ba zai ɗaga wa surukinsa murya ba, ko da zai saki 'yarsa. Idan labarin na buƙatar ya sayar da shanun, to nan ne ƙololuwar fim ɗin, kuma sai an nuna abin da ya tilasta masa.

Sai harshe. Bahaushen Garwa yakan yi Hausa a gida, Fulatanci a kasuwa, Faransanci a ofis. Ka yanke tun farko da wanne Bappa yake fushi, da wanne yake ƙarya. In ya zage shi da Faransanci a farkon fim, kada ya manta da shi a ƙarshe.

Masu cewa tarihi yana kashe basira, uzuri suke nema. Fim na minti 100 shafi ne kusan 100, ana ɗaukarsa ba a jere ba, yau ƙarshe gobe farko. Ɗan wasa ba shi da madogara sai wannan takarda. Ka gwada rubutunka: rufe sunayen masu magana, ka ba wani ya karanta. In bai gane Bappa ba, ba ka rubuta shi ba tukuna.