Kano: Takardar shaida ga masu aikin wayarin da suka koya a wajen maigida

A Gawuna da sauran unguwannin ƙaramar hukumar Nassarawa a Kano, da yawa daga cikin masu haɗa wutar lantarki a gidaje ba a makaranta suka koyi sana'ar ba. Yaro ne ake kai wa maigida, ya fara da riƙe tsani da fasa bango, har ya kai ga haɗa akwatin rarraba wuta, sannan a yaye shi.

Sai dai yaye ba takarda ba ce, kuma idan aka zo neman aikin kamfani ko kwangilar gwamnati, takarda ake tambaya.

Daɗaɗɗiyar hanya ita ce jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ake farawa daga mataki na uku, a hau na biyu, a ƙare a na ɗaya.

Sabuwar hanyar kuwa tana ƙarƙashin hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, mai hedikwata a Kaduna. Tsarin da majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da shi a 2013 ya ba da damar auna abin da mutum ya riga ya iya, ba tare da an mayar da shi aji ba.

Mai nema kan gabatar da hujjojin ayyukan da ya yi, kamar hotuna da shaidar maigidansa. Daga nan jami'in tantancewa ya tsaya a kansa yana aiki, yana yi masa tambayoyi, wani jami'in kuma ya sake duba hukuncin.

A wajen tambayoyin ne gwani kan yi tuntuɓe. Misali, a ce masa ya haɗa hitar ruwa mai ƙarfin wat 3,000. Da ganin ido zai ɗauko waya mai kaurin 2.5, ba mai 1.5 ta ƙwan fitila ba, kuma ya yi daidai. Amma jami'in na son jin dalili: idan aka raba 3,000 da bolt 230, hitar na jan kimanin amfiya 13, wanda shi ke nuna kaurin waya da girman makatsar wutar da suka dace. Haka kuma zai so ya ga an gwada wayar da ke zubar da wuta ƙasa da na'urar awo. Kamawar fitila ba ta nuna cewa wannan wayar na aiki.

Ko an tsallake nan ma, da sauran rina a kaba. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu haɗa wuta shaidar izinin yin aikin, kuma tana da nata gwajin.

Babban cikas shi ne kuɗin rajista da ranakun da mai sana'a zai bar aiki, alhali galibin masu gidajen da ke kiransa ba takarda suke tambaya ba, farashi suke tambaya.