Kafin ka tura bidiyon, dubi kai, dubi leɓe

A ganina lokaci ya yi da malaman makaranta za su riƙa koya wa yara kallon bidiyo kamar yadda suke koya musu karanta harafi. Gargaɗin nan na "ku yi hattara da abin da kuke gani a waya" ya yi yawa, kuma ba ya hana kowa tura komai. Abin da zai yi amfani shi ne mutum ya san wurare biyu da mai ɗora fuskar wani a kan bidiyo ya fi shan wahala, wato juyawar kai da motsin baki. Wanda ya san yadda ake aikin zai san inda zai sa ido.

Bidiyo hotuna ne da ake jerawa da sauri, galibi 25 ko 30 a daƙiƙa ɗaya. Ke nan gajeren bidiyo na daƙiƙa 30 yana ɗauke da hoto 750 ko fiye, kuma dole a sauya fuskar a kowane ɗayansu. A kowane hoto, manhaja tana fara neman inda fuska take, sannan ta ɗiga mata alamomi. Wani tsari da aka daɗe ana amfani da shi yana sa ɗigo 68: 17 a kan muƙamuƙi daga kunne zuwa kunne, 10 a gira, 9 a hanci, 12 a idanu, 20 a baki. Daga yadda ɗigogin suka zauna ne take lissafa inda kai ya dosa, ko ya waiga dama ko hagu, ko ya sunkuya ko ya ɗaga, ko ya karkata wajen kafaɗa. Sai ta yanko fuskar ta miƙar da ita, ta zana sabuwar fuska mai irin wannan yanayin, ta mayar da ita gurbinta da karkatar da ta tarar, ta shafe gefuna don kada a ga mahaɗa. A mafi yawan irin wannan aiki, gashi da kunnuwa da wuya da hula duk na mutumin asali ne. Tsakiyar fuska kawai aka ara.

Muddin mutum yana kallon kyamara kai tsaye, aikin yana tafiya sumul. Matsala tana farawa idan ya waiga. Da zarar kai ya juya sosai, ido ɗaya da rabin muƙamuƙi sun ɓuya, kusan rabin ɗigogin ba su da wurin zama, sai manhaja ta koma cinke. Ga kuma wani dalili: yawancin hotunanmu da ke yawo a waya daga gaba aka ɗauke su. Wa ke ajiye hotonsa na gefe? Manhajar da ba ta taɓa ganin hancinka daga gefe ba dole ta ƙago shi. Shi ya sa a daidai lokacin waiwaye ake ganin hanci ya lanƙwashe, ko kunci ya yi dishi-dishi, ko fuskar ta yi kamar ta makara, kai ya riga ta tafiya ita kuma ta biyo baya. Haka idan hannu ko kofin shayi ya gitta gaban fuska, wani lokaci sai fuskar aro ta hau kan hannun na ɗan ƙiftawar ido. Akwai kuma rawar ɗari: tun da lissafin kowane hoto yana ɗan bambanta da na gabansa, gefen fuska yakan yi makyarkyata ko da mutumin bai motsa ba. Masu yin jabun sun san duk wannan. Bidiyon ƙarya na shugaban Yukren, Zelensky, da aka yaɗa a watan Maris na 2022 yana cewa sojojinsa su ajiye makamai, mutumin da ke ciki a sandare yake tsaye, kuma launin fuskarsa bai yi daidai da na wuyansa ba.

Batun baki ya fi wannan zurfi, kuma a nan ne nake ganin malami ya fi kowa dacewa. Jabun iri biyu ne, mutane suna haɗa su. A na farko, wani ne ya zauna ya yi magana aka ɗora masa fuskarka. Motsin bakin nasa ne, sai dai a nemo muryar da ta yi kama da taka a daidaita. A na biyu ba a taɓa kai ba sam. Ana ɗauko bidiyonka na gaskiya, a sa sabuwar murya, sannan a sake zana ƙasan fuska kawai, daga hanci zuwa haɓa, don leɓe ya bi sabuwar maganar. Wata sananniyar manhaja mai suna Wav2Lip, da masu bincike a Haidarabad ta Indiya suka fitar a 2020, haka take aiki, kuma ƙaramin hoto take zanawa, ɗigo 96 a tsaye 96 a kwance, a buɗa shi ya cika gurbin. Sakamakon shi ne goshi da idanu su fito tangaran, baki kuwa ya yi laushi kamar an shafa masa mai, haƙora su zama farin zane guda babu rabuwa. Manhajojin yanzu sun fi ta tsabta nesa ba kusa ba, amma tsarin bai sauya ba.

Misali mafi kusa da mu shi ne na watan Mayun 2025. An sa wani bidiyo na minti 36 a YouTube inda sabon Fafaroma, Leo na 14, yake yi wa Kyaftin Ibrahim Traoré na Burkina Faso jawabin yabo da Ingilishi. Fadar Vatican ta fito ta ce ƙarya ne, ta kuma nuna tushen hoton: ganawar da Fafaroman ya yi da ƴan jarida ranar 12 ga Mayu. Kai nasa ne, tufafi nasa, zauren ma na gaskiya ne. Baki da murya ne na aro. To a irin wannan, jiran kai ya waiga don fuska ta wargaje ɓata lokaci ne, domin ba abin da zai wargaje. Abin dubawa shi ne ko jiki yana tafiya tare da magana. Mai magana yana gyaɗa kai a kan kalmar da ya nauyaya, yana ɗaga gira idan ya yi tambaya, yana jan numfashi a ƙarshen jimla. Idan aka sa masa maganar da ba tasa ba, sai ka ga ya gyaɗa kai a tsakiyar kalma, ko ya ɗago ya dubi jama'a inda ba abin dubawa. Kuma idan sabuwar maganar ta fi bidiyon asali tsawo, dole a maimaita hoton, sai motsi ɗaya na hannu ya riƙa dawowa.

Yanzu ga gwajin da nake sa ɗalibaina malamai su yi. Duk wanda ya koyar da ajin farko a Tawa ko Bambeye ya san yadda ake nuna wa yaro "b" da "m": haɗa leɓe, sannan ka buɗe. Ba mahalukin da zai furta b, ɓ ko m leɓensa a buɗe. A 2020 Hany Farid da abokan aikinsa a Amurka sun nuna cewa bidiyon jabu yakan kasa a daidai nan, leɓe ya kusanci juna amma bai haɗu ba. Dalilin kuwa shi ne haɗuwar gajera ce, ba ta cika wuce hoto biyu ko uku ba, manhaja kuma tana son sassauta motsi don kada ya yi tsalle, sai ta haɗiye ta. Ɗauki jimlar da uba zai iya ji daga ɗansa da ke ci-rani: "Baba, ba ni da kuɗin magani." Sau huɗu leɓe zai rufe, biyu a "Baba", ɗaya a "ba", ɗaya a farkon "magani". Rage gudun bidiyon zuwa 0.25, wanda YouTube da VLC duk suna yi, ka ƙirga. A kwamfuta, idan ka tsayar da bidiyo a VLC, maɓallin E yana matsar da shi hoto ɗaya-ɗaya. Idan ka ji "b" sau uku amma ba ka ga leɓe ya haɗu ba ko sau ɗaya, akwai magana.

Sai dai a bambanta wannan da makarar murya. Idan intanet ya yi rauni, ko an yi ta tura bidiyo daga waya zuwa waya, murya takan riga hoto ko ta biyo bayansa. A nan rufewar guda huɗu suna nan cif, kawai dukansu sun matsa gaba ko baya da tazara ɗaya. A jabu kuwa wasu suna nan, wasu sun ɓace. Mu Adarawa muna da ƙarin abin lura: "f" ɗinmu ba irin ta Bature ba ce mai ɗora haƙora a leɓen ƙasa. Wanda ke cewa "hwara" da "hwaɗi" leɓensa zagaye yake yi. In ka ga dattijon da ka sani da wannan harshe yana cizon leɓe kamar mai karanta labarai da Faransanci, sake kallo. (Wanda ya ja amawali ya rufe baki kuwa ya hutar da ɓarawo, murya kaɗai zai nema.)

Wani abokin aikina ya ce mini koyar da wannan zai sa mutane su ɗauka sun zama gwanaye, alhali manhajojin kullum gyaruwa suke. Yana da gaskiya rabi. A 2018 an gano cewa fuskokin jabu ba sa ƙifta ido yadda ya kamata, ba a daɗe ba masu yin su suka gyara. Sannan WhatsApp yana matse bidiyo don ya yi sauƙin turawa, matsewar tana goge ƙananan alamun da muke nema, tana kuma sa bakin gaskiya ya yi dishi-dishi. Saboda haka gwajin yana iya kama ƙarya, amma ba ya wanke bidiyo. Kuskuren yana iya zuwa ta ɗaya ɓangaren ma. Shugaban Gabon na lokacin, Ali Bongo, ya samu shanyewar ɓarin jiki a Oktoban 2018. Da ya fito a jawabin sabuwar shekara fuskarsa a ɗaure, ba ya ƙifta ido sosai, mutane da yawa suka ce jabu ne, kuma ranar 7 ga Janairun 2019 wasu sojoji suka yi yunƙurin juyin mulki. Ba wanda ya tabbatar cewa bidiyon jabu ne, ciwon kansa ya isa ya sa fuska ta yi haka.

Duk da haka ban yarda a bar koyarwar ba, domin yawancin abin da zai iso wayar iyaye a Adar ba aikin ƙwararru ba ne. Aikin yaro ne da manhajar kyauta, wanda ya ɗauki hoton wata ɗaliba ya ɗora a kan jikin da ba nata ba, ko ɗan damfara da ke neman jika hamsin. Irin wannan aikin gaggawa shi ne ke faɗuwa a waiwaye da "b". Kuma a garinmu, kafin a gane bidiyon yarinya ƙarya ne, an riga an fasa baiko, an cire ta daga makaranta. Minti biyu na rage gudu da ƙirga leɓe kafin a kai wa mahaifinta magana ba su yi yawa ba.

Idan kuwa kiran bidiyo ne kai tsaye, kana da damar da mai kallon abin da aka turo ba shi da ita, domin kai ne mai ba da umarni. Ce masa ya juya kansa sosai ka ga kunnensa, ya wuce da tafin hannu a hankali gaban fuska, ya ce "Bambeye" sau uku, ka ga leɓe ya rufe sau biyu a kowace faɗa. In ya ce intanet ba kyau, ko kiran ya yanke a daidai nan, ajiye wayar ka kira shi da kanka a lambar da ka saba, ko ka nemi wani ɗan garinku da suke zaune tare a Abijan ko Legas, kafin ka nufi wurin aika kuɗi.