Taku Dubu Goma: Sunan Haja Ne, Ba Umarnin Likita Ba

Kwanakin baya wani abokin aikina ya shigo ofishina yana huci, ya miƙo mini wayarsa ya ce in duba. Mako uku ke nan yana fafutukar cika taku 10,000 a kowace rana, bai taɓa wuce 6,500 ba, don haka ya yanke shawarar ya haƙura, tunda a ganinsa wanda bai kai dubu goma ba wahalar banza yake yi. Na tambaye shi wa ya yanka masa wannan adadi. Ya ce ai likitoci ne. A nan muka saɓa, kuma dalilin wannan rubutu ke nan.

Ni ba likita ba ne, sana'ata bin diddigin kalmomi, kuma wannan adadi asalinsa kalma ce. A shekarar 1965, shekara guda bayan gasar Olamfik ta birnin Tokyo, wani kamfanin ƙasar Japan mai suna Yamasa ya fito da 'yar na'urar ƙirga taku, ya raɗa mata suna Manpo-kei. A harshen Japananci "man" dubu goma ne, "po" taku, "kei" kuma ma'auni. Wato sunan haja ne, mai daɗin faɗa da sauƙin tunawa, irin wanda ɗan kasuwa ke nema. Sunan ya bi duniya, ya shiga wayoyinmu, har ya rikiɗa ya zama kamar farilla.

Da masu bincike suka zo suka auna, sai suka tarar amfanin tafiya yana farawa tun kafin a je ko kusa da nan. A 2019 Farfesa I-Min Lee ta Jami'ar Harvard da abokan aikinta sun bibiyi tsofaffin mata sama da 16,000, suka ga masu yin taku kimanin 4,400 a rana mace-mace sun fi ƙaranci a cikinsu a kan masu yin 2,700, kuma ribar tana ta ƙaruwa har wajen 7,500, daga nan ta daidaita. Wani nazari da aka buga a 2022, wanda ya tattara bincike 15, ya nuna ga wanda ya kai shekara 60 ribar tana daidaita ne tsakanin 6,000 da 8,000, ga wanda bai kai ba kuwa tsakanin 8,000 da 10,000. Gaskiya ne irin wannan bincike lura ce kawai, kuma mai ciwo dama ba ya yawan tafiya, saboda haka ba duk bambancin ne za a jingina wa taku ba. Amma darasin a fili yake: riba mafi tsoka tana wurin wanda ya tashi daga dubu uku zuwa dubu shida ko bakwai. Abokina da ya ɗauka ya faɗi, ashe ya riga ya kwashi kaso mafi girma.

To, mai karatu, ga inda nake ganin muna yaudarar kanmu ta ɗaya ɓangaren. Da yawa daga cikinmu ba tsawon rai muke nema da wannan tafiya ba, tumbi muke so ya sauka kafin Sallah. Bari in yi lissafin da kaina. Na bar wayata a aljihu mako guda ban canja komai ba, sai na ga ina yin taku 3,200 a rana: daga ɗaki zuwa mota, daga mota zuwa aji, sai masallacin da ke jikin katangarmu. Na ƙara 4,000 a kai. Takuna kamar santimita 75 ne, ke nan ƙarin kilomita 3, tafiyar minti 40. Ƙa'idar da aka saba amfani da ita ita ce, tafiya a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tana cin kusan rabin kalori a kan kowane kilo na nauyin mutum a kowace kilomita, ban da abin da jiki zai ƙona ko da yana zaune. Nauyina kilo 80, ke nan kalori 40 a kilomita, 120 a rana.

Kwalbar lemon kwalba guda, mai santilita 35, tana ɗauke da kalori kusan 150. Wato in na dawo daga tafiyar na ce ƙishi ya dame ni na kora da lemo mai sanyi, na biya bashin har da riba. Kilo ɗaya na kitse kuwa ana ƙiyasta shi a kan kalori 7,700, don haka ko ban ƙara loma ɗaya ba, sai na yi wata biyu kafin sikeli ya nuna kilo guda. A aikace ma yakan fi haka jinkiri, domin jiki ba wawa ba ne: yakan ƙara wa mutum yunwa, ya kuma sa shi yawan kishingiɗa da yamma ba tare da ya lura ba. Duk wanda ya ce maka tafiya kaɗai za ta narkar da tumbi cikin wata guda, talla yake yi.

Duk da haka ina goyon bayanta, kuma dalilina shi ne arharta. Gudu yana ƙona kusan ninki biyu a kilomita, amma mutum mai shekara 45 da ya yi shekara ashirin a kan kujera, in ya fara gudu, gwiwa ko agara za su zaunar da shi kafin wata ya ƙare. Tafiya ba ta bukatar hutun kwana biyu, ba ta bukatar kuɗin rajista, ba ta sa mutum ya kwana da tsamin jiki. Kalori 120 da za ka iya maimaitawa kwana 300 a shekara ta fi 400 da za ka yi sau shida ka watsar. Kuma akwai ribar da sikeli ba ya gani. Tafiyar minti goma zuwa sha biyar bayan cin abinci tana rage hauhawar sukari a jini, domin tsokar ƙafa tana jan sukarin ta yi aiki da shi. Ga mutanen da tuwo da shinkafa ne abincin darensu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na raba nawa ne gida uku. Na koma yin sallar Asuba da Isha'i a masallacin da ke da nisan mita 500 daga gida, zuwa da dawowa sau biyu kilomita 2 ke nan, taku wajen 2,700. Ragowar na samo su ta hanyar ajiye mota a bakin ƙofar tsangaya maimakon gindin ofis. Saurin da ake so shi ne kimanin taku 100 a minti, inda za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba.

Sai a yi hattara da wayar kanta. In ka bar ta a kan tebur ba ta san ka motsa ba, shi ya sa matan da ke wuni a tsaye tsakanin madafa da tsakar gida sukan ga adadi ƙarami su karaya a banza. In kuma ka hau Keke Napep a hanya mai gargada, tana iya rubuta maka takun da ba ka yi ba. Gwajin mai sauƙi ne: ka ƙirga taku 100 da bakinka, ka duba me ta rubuta. Mai ciwon sukari ya sa takalmi rufaffe, ya riƙa duba tafin ƙafarsa kowane dare, domin ƙaramin ƙurji yana iya zama gyambo bai ji zafi ba. Wanda ya ji nauyi a ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe masa, ya tsaya ya ga likita. A watannin bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, a bar tafiyar rana tsaka.

Babban cikas a wurinmu ba zafi ba ne, idon jama'a ne. A makon farko mutum uku suka tsaya da mota suna tambayata, "Dakta, lafiya? Motar ce ta lalace?" Wani ɗalibina har ya sauka daga babur ɗinsa yana roƙona in hau. A wurinmu mai muƙami ba ya taka ƙasa, in ya taka to karayar arziki ce. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 wannan kallo ya ɗan ragu, don yanzu kowa ya san dalilin ajiye mota. Abokin nawa dai ya sauke ma'aunin wayarsa zuwa 7,000, kuma jiya na hango shi yana zagaya filin ƙwallo da babbar riga.