Sharhi: Riƙe Ƙwallo Daban, Cin Wasa Daban

Duk wanda ya saba zama a fada ko gidan kallon ƙwallo a nan Agadez, ko a Tudu ne, ko Dagmanet, ko Sabon Gari, ya san abin da ke faruwa idan aka tafi hutun rabin lokaci. Tele za ta fito da wani allo, a samansa an rubuta Possession, gefe ɗaya 68, ɗaya gefen 32. Nan take musu ya tashi. Mai 68 ya miƙe ya ce ai mu ke da wasa, ku ba ku ma taɓa ƙwallo ba. Sau da yawa kuwa mai wannan magana an riga an zura masa ɗaya, ko kuma ƙungiyarsa ba ta ko sa golan abokan karawa ya faɗi ƙasa ba. A sharhinmu na yau za mu duba wannan lamba, yadda ake ƙirga ta, da dalilin da ya sa ba ta isa hujja ba ita kaɗai.

Mu fara da ƙirgar. Hanyoyi biyu aka fi sani. Ta farko ta agogo ce: akwai mai lura da wasa, duk lokacin da ƙwallo ta koma ƙafar wata ƙungiya sai lokacinta ya fara tafiya, a ƙarshe a raba. Ta biyu, wadda kamfanin ƙididdiga na Opta ya daɗe yana amfani da ita, ba ruwanta da agogo. Ana ƙirga yawan fasin, wato miƙa ƙwallo daga ɗan wasa zuwa ɗan uwansa, a haɗa na ƙungiyoyin biyu, a ga kason kowa. Idan ɗaya ta yi fasin 600, ɗaya ta yi 400, sai a rubuta 60 da 40. Shi ya sa wasa ɗaya za ka ga tasha biyu sun ba da lamba daban, kuma babu wadda ta yi ƙarya. A gasar cin kofin duniya ta 2022 a Qatar, FIFA ma ta ƙara kaso na uku, na lokacin da ƙwallo ba ta hannun kowa, ana kokawa a kanta ko tana sama.

To ku lura da abin da duka hanyoyin biyu suka yi shiru a kansa. Babu wadda ta tambayi a ina aka riƙe ƙwallon. Ɗan baya ya miƙa wa ɗan baya, ya mayar masa, ya tura wa gola, gola ya dawo masa da ita: fasin huɗu ke nan, daƙiƙa goma sha sun wuce, kuma ba a matsa taku ɗaya zuwa ragar abokan karawa ba. Wani kuma ya yi fasin ɗaya tak ya ratsa 'yan baya, ɗan gaba ya ci. A ma'aunin riƙe ƙwallo, na farko ya fi na biyu ninki huɗu.

Wasan da ya fi nuna wannan shi ne na Maroko da Sifaniya, ranar 6 ga Disamba 2022, a zagayen ƙungiyoyi 16. Yawancinmu mun kalle shi, don a ranar kusan duk Afirka ta koma Maroko. Minti 120 aka buga ba ci. Sifaniya ta yi fasin fiye da 1,000, Maroko kuwa wajen 300. Ku haɗa su, 1,300 ke nan, kuma 1,000 cikin 1,300 shi ne kashi 77 da aka nuna a allo. Wanda bai kalli wasan ba, ya ga wannan lamba kawai, zai rantse cewa Maroko ta sha wuya a hannun Sifaniya daga farko har ƙarshe. Amma a cikin duk waɗannan fasin, sau ɗaya kacal Sifaniya ta buga ƙwallon da ta nufi cikin raga har sai da gola Yassine Bounou ya tare.

Yaya aka yi haka? Kocin Maroko, Walid Regragui, da gangan ya bar musu ƙwallon. Ya jera 'yan baya huɗu, ya sa Sofyan Amrabat a gabansu yana share duk abin da ya ɓullo, ya jera wasu huɗu a tsakiya, har Hakim Ziyech da Sofiane Boufal da aka sani da kai hari suka riƙa komawa baya suna toshe gefe. Youssef En-Nesyri, ɗan gaba ɗaya tilo, bai wahalar da kansa da bin 'yan bayan Sifaniya ba. Ya tsaya kusa da Sergio Busquets don ya tare hanyar da ƙwallo ke bi ta shiga tsakiya. Saboda haka Rodri da Aymeric Laporte, 'yan bayan Sifaniya biyu, suka samu ƙwallo yadda suke so, ba mai takura musu. Wannan ya ba wancan, wancan ya kai gefe, gefe ya ga ba hanya, ya dawo da ita baya. Lamba tana hawa a allo, Pedri da Gavi kuwa ba su samun ƙwallo a wurin da za su juya su fuskanci raga. Filin da Maroko ta bar musu shi ne wanda ba a cin ƙwallo daga cikinsa.

Duk da haka kada mu ƙara wa labarin gishiri. Maroko ma ba ta ci ba. A ƙarin lokaci Walid Cheddira ya samu kansa daga shi sai gola Unai Simón, gola ya tare. A minti na ƙarshe kuma Pablo Sarabia ya buga ƙwallo ta goge turken ragar Maroko ta fita, da ta shiga da yanzu wani labarin ake yi. A bugun fenariti aka rabu, Sarabia ya sake bugun turke, Bounou ya tare na Carlos Soler da na Busquets, Achraf Hakimi ya rufe da 3 da 0. Abin da nake so ku riƙe shi ne, idan aka auna damar ci ta gaske, ƙungiyoyin biyu sun yi kusan kunnen doki, alhali allo yana cewa 77 da 23. Kwana biyu bayan wasan Luis Enrique ya bar aikin horar da Sifaniya.

Akwai wani dalili kuma da masu musu ba su cika kula da shi ba, kuma a ganina shi ne mafi girma. Sau da yawa sakamakon wasa ne ke haifar da lambar. Ƙungiyar da ta ci ɗaya takan ja baya ta tsare abin da ta samu, wadda aka ci kuma dole ta fito neman ramawa, sai ƙwallo ta zauna a ƙafarta. Ita Marokon ce shaida. Ranar 14 ga Disamba, a wasan kusa da na ƙarshe, Theo Hernandez na Faransa ya ci su tun a minti na 5. Daga nan Faransa ta koma baya, Maroko ta riƙe ƙwallo wajen kashi 60, fiye da yadda ta riƙe a duk wasanninta na baya a gasar, kuma a ranar ce aka fitar da ita da 2 da 0. Don haka idan ka shigo gidan kallo a makare ka tarar da ƙungiyarka tana da kaso mai tsoka, kada ka yi saurin murna, fara tambayar nawa da nawa ake.

Wani zai ce, to ashe riƙe ƙwallo ba shi da amfani ke nan? Yana da shi, kuma ban zo in rushe shi ba. Manyan ƙungiyoyi sun fi ƙanana riƙe ƙwallo a yawancin wasanni, don sun fi su 'yan wasa masu ƙafa. Barcelona ta zamanin Pep Guardiola da shi ta gagari Turai. Sifaniya ta ɗauki kofin duniya na 2010 a Afirka ta Kudu da ƙwallaye 8 kacal a wasa 7, ta ci wasanninta huɗu na ƙarshe duka da 1 da 0, domin riƙon da take yi tsaro ne: muddin ƙwallo na ƙafarka, abokin karawa ba zai ci ka ba. Sai dai ku duba wannan. A Qatar, Sifaniya ta riƙe ƙwallo fiye da kashi 80 a wasanta da Costa Rica, ta ci 7 da 0. Bayan kwana takwas ta sake riƙe fiye da kashi 80 a wasanta da Japan, Ritsu Doan da Ao Tanaka suka ci ta biyu cikin 'yan mintoci bayan an dawo hutu, aka tashi 2 da 1. Ƙungiya ɗaya, koci ɗaya, lamba kusan ɗaya. Ma'aunin da ya nuna abu ɗaya a waɗannan wasanni biyu ba zai iya gaya maka wanda ke cin wasa ba. Hausawa suka ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Mu ma a Nijar muna da abin tunawa. A watan Oktoba na 2010, a filin Seyni Kountché na Yamai, Mena ƙarƙashin Harouna Doula ta doke Masar da 1 da 0, ƙwallon Moussa Maâzou, alhali Masar ce ta ɗauki kofin Afirka sau uku a jere, 2006, 2008 da 2010. Maki ukun wannan rana suna cikin waɗanda suka kai mu gasar kofin Afirka ta 2012, karo na farko a tarihinmu. A teburin rukuni babu gurbin da ake rubuta wanda ya fi riƙe ƙwallo.

To me mai kallo zai duba? A ƙasan wannan lambar, a allo ɗaya, akwai yawan harbi da kuma waɗanda suka nufi raga, Tirs cadrés a tashoshin Faransanci. Fara da su. Sannan ka yi amfani da idonka: su wa suka fi taɓa ƙwallon? Idan 'yan baya ne da gola, riƙon bai da haƙori. Idan 'yan tsakiya ne suna karɓa a bayan layin abokan karawa suna juyawa, ana shiga yadi na 18 ana fita, gola yana ta faɗuwa, to wannan riƙo ne mai haɗari, ci yana tafe. Ka kuma lura da abin da ke faruwa a daƙiƙun farko bayan sun rasa ƙwallon, don ƙungiyar da ta tura mutum takwas gaba ta bar fili a bayanta, fasin biyu sun isa a ci ta.

Kirana na ƙarshe ga masu horar da yara a unguwanninmu. Filayenmu yawanci na rairayi ne da tsakuwa, ga iska a lokacin sanyi, ƙwallo ba ta gudu a ƙasa yadda take yi a ciyawar Turai. Yaron da aka tilasta wa miƙa ƙwallo baya a gaban ragarsa don a kwaikwayi abin da aka gani a tele, rairayi zai riƙe ta a rabin hanya, ɗan gaban abokan karawa ya ɗauka ya ci. Ku koya musu fasin, amma ku koya musu ɗaga kai su nemi na gaba kafin su nemi na baya. Idan za ku ƙirga wani abu a wasansu, ku ƙirga sau nawa suka shiga yadi na 18 da ƙwallo, da sau nawa suka sa gola aiki. A huta lafiya.