Kamfani Mallakar Kamfani: A Bi Sawu Har A Kai Ga Mutum

Wanda ya nemi bayanan wani kamfani mai zaman kansa a Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, CAC, sau da yawa abin da zai tarar a gurbin masu hannun jari shi ne sunan wani kamfanin. Ya bi wannan, ya sake cin karo da na uku, mai rajista a Tsibiran Birtish Bajin, inda ba a baje wa jama'a sunayen masu hannun jari. A nan sawu ke ɓacewa. Matsayin wannan jarida shi ne, binciken mallaka bai kammala ba sai ya tsaya a kan ɗan Adam mai suna, kuma abin da ya kamata a auna shi ne iko, ba yawan kaso kaɗai ba.

Lissafin ne ke nuna dalili. A ce wani attajiri na da kashi 51 cikin ɗari na kamfanin farko, wannan kamfani na da 51 na na biyu, na biyun kuma na da 51 na kamfanin da ya ci kwangila. In aka ninka kason hawa-hawa, rabonsa a ribar kwangilar bai wuce kashi 13 da ɗoriya ba. Amma a kowane hawa shi ke da rinjayen ƙuri'a, don haka shi ke naɗa daraktoci daga sama har ƙasa, wuƙa da nama na hannunsa. Mai binciken da ya tsaya ga ninkawa zai ɗauke shi ƙaramin mai hannun jari, musamman a inda ma'aunin bayyana kai ya kai kashi 25, kamar rajistar da Birtaniya ta buɗe a 2016. Dole a yi tambaya biyu a kowane hawa: nawa ne rabonsa, kuma wa ke da ikon naɗawa da saukewa.

A takarda, Najeriya ta fahimci wannan. Dokar kamfanoni ta 2020 ta sauko da ma'aunin zuwa kashi 5, kai tsaye ko ta hannun wani kamfani, ta kuma haɗa da mai ikon naɗa ko sauke akasarin daraktoci. Irin wannan mutum zai sanar da kamfani cikin kwana 7, kamfani ya sanar da CAC cikin wata guda, kuma a 2023 hukumar ta buɗe rajistar ga jama'a. Gyara ne na gaske. Rauninsa shi ne mai ɓoyon ne ake jira ya fallasa kansa. Wanda ya ɗora kamfanoni uku don kada a gan shi, ba zai ji nauyin rubuta sunan direbansa ko ƙanen matarsa a fom ba.

Rijiyar mai ta OPL 245 ta isa darasi. A 1998 ministan mai Dan Etete ya ba kamfanin Malabu ita, kamfanin da bai yi mako da rajista ba, sunan ministan kuma bai fito a takardun ba. Sai a 2013 wata kotu a Landan ta tabbatar yana da hannu a mallakarsa, bayan cinikin 2011 da Shell da Eni suka biya kimanin dala biliyan 1.3. Ba takardar rajista ce ta tona shi ba, wanda ya yi ciniki da sunan kamfanin da inda kuɗin suka nufa ne suka nuna. Alamun ba su sauya ba har yau: kamfanoni da dama a adireshi ɗaya, lauya guda yana darakta a dukansu, mai hannun jarin da ƙarfinsa bai kai kuɗin da aka ce ya zuba ba, da wanda ke sa hannu a asusun banki alhali sunansa ba ya ko'ina.

Akwai masu cewa ɗora kamfani a kan kamfani ba laifi ba ne. Gaskiyarsu. Ana yi don raba haɗarin bashi ko tsara gado, kuma mai irin wannan niyya ba ya asarar komai in ya faɗi sunansa. Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta tsaro, a ƙasar da ake sace mutane don kuɗin fansa. Ko kotun Tarayyar Turai a 2022 ta soke buɗe irin wannan rajista ga kowa da kowa saboda sirrin mutane. Amsarmu ita ce a sakaya adireshin gida da lambar waya, a bar suna da girman iko a fili, ballantana ga kamfanin da ke neman kwangilar gwamnati ko lasisin ma'adinai.

Saboda haka muna kira ga CAC ta daina karɓar fom a kan amana. Ta gwada sunan da aka bayar da lambar NIN da abin da bankin kamfanin ya rubuta game da mai shi. Duk kamfanin da sarƙarsa ta ƙare a wani tsibiri ba tare da sunan mutum ba, kada Hukumar BPP mai sa ido kan kwangilolin gwamnati ta bari ya shiga takarar kwangila har sai ya kawo takardun kowane hawa.