A Ƙirga Kwano, Kada A Ƙirga Naira

'Yan'uwa talakawa, manoma da 'yan kasuwar Shanono, kowa a cikinmu ya san gero yakan faɗi da kaka, ya tashi da damina. To, akwai wani hawa da sauka wanda ya fi wannan girma, shi ba shekara guda yake ɗauka ba. Arzikin ƙasa yakan bunƙasa, ya kai ƙoli, ya karye, ya taɓa ƙasa, sa'an nan ya farfaɗo. Masana sun ba shi suna zagayen tattalin arziki. Mu abin da ya dame mu shi ne, ta yaya mai kasa kaya zai gane inda aka kwana tun jarinsa bai narke ba?

Mu duba na 2014 zuwa 2017, tun da da idonmu muka gani. Har tsakiyar 2014 gangar ɗanyen mai tana sama da dala 100, arzikin Nijeriya kuwa ya ƙaru da wajen kashi 6 cikin 100 a shekarar. Ƙoli ke nan, amma ba a gane ƙoli sai an gangaro. A Janairun 2016 ganga ta faɗi ƙasa da dala 30. Dala ta yi wuya, jihohi da dama tun 2015 suka kasa biyan albashi. Amma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ba ta tabbatar da karayar ba sai ƙarshen Agustan 2016. Ba ɓoyewa ta yi ba. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a auna dukan abin da ƙasa ta samar wata uku-uku, in ya ragu sau biyu a jere sai a ce an shiga karaya. Watau sai an yi wata shida ana shan wuya, a ƙara wata biyu ana lissafi.

Saboda haka alamomin nan ba tare suke zuwa ba. Farashin mai da tsadar dala su ne masu shela, suna gaba. Ciniki yana tafiya tare da halin da ake ciki. Rashin aikin yi shi ne kurar baya, ko an farfaɗo yakan daɗe bai sauka ba. Wanda ya tsaya jiran sanarwa a rediyo kafin ya daina cin bashi yana tara kaya, ya makara.

Inda muka fi son a lura shi ne batun farashi, don nan ake yaudarar kai. A ƙasashe da yawa in arziki ya karye hauhawar farashi takan lafa. Mu namu ya zo a juye. Tattalin arziki ya ragu da kashi 1.6 a 2016, alhali a Janairun 2017 hauhawar farashi ta haura kashi 18, saboda naira ta faɗi, taki da kayan gyaran mota duk suka tashi.

Ga misali. A ce mai awo yana sayar da kwano 100 ran kasuwa, kowane naira 300, ya tashi da 30,000. Shekara ta zagayo, kwano ya koma 500, ya sayar da 70, ya tashi da 35,000. Ya koma gida yana murna an sami ƙarin 5,000. Ina ƙarin yake? Kwano 30 sun ɓace daga cinikinsa, kuma in ya je sari zai tarar buhu ya tashi. Mai sayen kwano uku ya koma sayen biyu, littafin bashi ya yi kauri, samari 'yan cirani sun dawo daga Legas tun ruwa bai sauka ba. Waɗannan su ne ƙididdigar talaka. Sai dai a gwada kaka da kaka, rani da rani, kada a ɗauki tsadar watan Agusta a ce karaya ce. Haka nan fari ko rashin tsaro kan kashe kasuwar gari guda alhali ƙasa tana bunƙasa, don haka a tambayi direbobin Dawanau da na Bichi ko can ma haka abin yake.

Da aka ce an fita daga karaya a 2017, an yi ta buga ganga. Ƙaruwar shekarar kuwa kashi 0.8 ce kacal, yawan jama'a yana ƙaruwa da fiye da kashi 2. Tuwo ya ɗan ƙaru, masu ci sun fi shi ƙaruwa, rabon kowa ya ragu. Farfaɗowa ma'anarta an daina gangarawa, ba wai an koma inda ake a 2014 ba. Mu kam muna kira ga hukuma, duk sa'ad da ta fito da lissafin wata uku, a karanta shi da Hausa a rediyo, a haɗa da farashin kwanon gero da na buhun taki, na bana da na bara.