A Bi Tazarar Magani, Ba Agogon Masauki Ba

Agogon ƙasar Sin yana gaban na Nijeriya da awa 7. Ɗalibin da ke yin allurar insulin mai aikin awa 24 da ƙarfe 8 na dare a Kano, in ya sauka can ya bi ƙarfe 8 nasu, ya yi ta ke nan bayan awa 17 kacal. Sai sukari ya faɗi, ga gumi, ga makyarkyata. A dawowa kuwa tazarar awa 31 ce, sukari ya hau.

Lalle ne matafiyi ya riƙe lokacin gida cikin jirgi, sa'an nan ya riƙa matsar da ƙwaya ko allura da awa ɗaya ko biyu kullum, bisa jadawalin da likita ya rubuta masa kafin tashi.